Rahoton Gwamna Lugga kan Satiru: majiyar farko ce ko ta biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni ɗalibar tarihi ce a aji uku a wata jami'a a nan Kaduna. An ba mu jinga kan boren Satiru na 1906. Na dogara da rahoton Gwamna Lugga saboda an ce mana majiyar farko ta fi ƙarfi, na haɗa da littattafai uku da suka faɗi abin da ya faɗa. Malaminmu ya dawo mini da takardar, ya ce ban bambance majiyar farko da ta biyu ba. Ina kuskuren yake, Malam?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kin yi sa'ar maudu'i, domin Satiru na cikin wuraren da suka fi koya wa ɗalibi wannan darasi, kuma yawancin takardun da kike bukata suna nan cikin garin da kike zaune.

Bari in fara da abin da ake koya muku a aji ɗaya, wanda gaskiya ne amma bai kai ƙarshe ba. Ana cewa majiyar farko ita ce abin da ya fito daga zamanin da ake nazari: wasiƙa, rahoto, rajistar kotu, jarida, waƙa, hoto, ko bakin wanda aka yi abin a gabansa. Majiya ta biyu kuwa ita ce rubutun masanin da ya zo daga baya, ya karanta waɗannan ya fitar da fahimtarsa. Daga nan sai ɗalibi ya raba takardunsa kashi biyu, tsofaffi a dama, sababbi a hagu, ya ɗauka na dama duk ganau ne, na hagu duk jiyau. A nan aka fi faɗuwa. Takarda ba ta zama majiyar farko don ta tsufa ko don ta yi ƙura. Tambayar da kika ɗora mata ita ce ke nuna matsayinta, kuma takarda guda tana iya zama ganau a shafi ɗaya, ta koma jiyau a shafin da ke biye.

Mu ɗauki abin da ya faru a tsanake. Satiru ƙauye ne kimanin mil 14 kudu da Sakkwato. A 1904 an kama shugabansa bisa zargin da'awar Mahadi, ya rasu a tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Daga baya wani makahon malami da aka fi sani da Ɗan Makaho ya iso daga ƙasar da Faransa ke mulki. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 wata ƙaramar runduna ta sojan doki ta taso daga Sakkwato, mutanen Satiru suka tarwatsa ta, aka kashe Turawa uku, wato muƙaddashin Razdan Hillary da mataimakinsa Scott da hafsan soja Blackwood, tare da sojoji 'yan ƙasa sama da 20. Ranar 10 ga Maris babbar runduna ta dawo ta shafe garin.

Yanzu ki tambayi kanki: ina Lugga yake ranar 14 ga Fabrairu? Ba ya Satiru, ba ya ma Sakkwato. Hedikwatarsa tana Zungeru, ɗaruruwan mil daga wurin, domin sai a 1917 aka dawo da babban birni Kaduna. Razdan ɗin Sakkwato kansa, Burdon, ya riga ya kama hanyar tafiya hutu, labarin ne ya juyo da shi. To abin da Lugga ya rubuta game da yadda faɗan ya gudana ya samo shi ne daga saƙonnin Burdon da na hafsoshi. Shi kuma Burdon ya ji daga waɗanda suka tsira, da daga fadar Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, da daga bakin fursunonin da aka yi wa tambayoyi ta hannun tafinta. Kin ga kafin maganar mutumin Satiru ta isa shafin da kika karanta, ta bi ta hannu uku ko huɗu, ta kuma sauya harshe a hanya.

Mu da muka taso da karatun hadisi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ba a karɓar ruwaya sai an duba isnadi: wane ya ji daga wane, sun haɗu kuwa, yaya riƙonsa yake, yana da wata manufa? Wannan ɗabi'ar ce ake so ki kawo cikin jingarki. Idan tambayarki ita ce yadda aka gwabza a filin Satiru, rahoton Lugga ruwaya ce mai doguwar sarƙa, kuma bayanin wanda ya tsaya a filin, kamar likitan tawagar da ya tsira da rauni, ya fi shi kusa da abin. Amma idan tambayarki ita ce me gwamnatin mulkin mallaka take so a sani a Landan, da yadda ta kare kisan da ta yi a watan Maris, to babu majiyar farko da ta wuce wannan rahoto. Lugga da kansa ne ke magana, ga shugabanninsa, a kan aikin da shi za a tuhuma da shi. A nan waƙa tana bakin mai ita.

Wannan ya kawo mu ga kuskure na biyu, wanda na fi jin zafinsa idan ina duba takardun ɗalibai: ɗaukar majiyar farko a matsayin gaskiya tsantsa. Kusanci da abu ba ya wanke mutum daga son zuciya, sau da yawa ma yana ƙara shi. Rahoton shekara takarda ce da gwamna ke aika wa ofishin kula da ƙasashen mallaka, a buga ta a ajiye gaban majalisa. Mai rubuta ta yana da abubuwan da zai kare. Shekara uku kacal da cin Sakkwato a 1903, ga talakawa masu gatari da fartanya sun karya rundunarsa, a lokacin da yawancin sojojinsa suna can ƙasar Tibi wajen Binuwai. Yana bukatar ya nuna cewa tsarinsa na mulki ta hannun sarakuna bai rushe ba. Shi ya sa za ki ga an fito da biyayyar Sarkin Musulmi fili ƙwarai, an kuma nuna mutanen Satiru a matsayin taron 'yan tarzoma marasa tushe. Ban ce duk ƙarya ce ba. Sarkin Musulmi ya tsaya tare da Turawa, wannan tabbas ne. Abin da nake so ki lura da shi shi ne zaɓin abin da aka faɗa da abin da aka yi shiru a kai, da irin kalmomin da aka saka wa mutane. Idan kika kwafi kalmar da mai nasara ya kira wanda ya kashe da ita, kika sa a jimlarki ba tare da alamar zance ba, kin ari bakinsa kin ci masa albasa ba ki sani ba.

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya daɗe yana jan kunnen ɗalibai a Zariya kan wannan. Yana da maƙala guda a kan yadda za a tantance abin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya rubuta game da Katsina a shekarun 1850, inda ya nuna cewa ganin ido ma sai an tambayi idon wa, da abin da mai idon ya zo da shi a kansa. Ki neme ta ki karanta.

Sai batun littattafanki uku. Ki koma ki buɗe kowanne a shafin da ya yi maganar Satiru, ki duba bayanin ƙasan shafi. Ina kyautata zaton za ki tarar dukkansu suna komawa ga rahoto guda, ko kuma biyu suna kwafar na ukun. Idan haka ne, ba shaidu huɗu gare ki ba, shaida ɗaya ce da mutum uku suka maimaita. Gwada wannan a kan adadin waɗanda aka kashe ranar 10 ga Maris. Adadin da ya fi yawo a littattafai shi ne kimanin mutum 2,000. Kada ki rubuta shi kamar an yi ƙidaya. Ki bi sawunsa baya, daga littafi zuwa maƙala, daga maƙala zuwa fayil, har ki ga wanda ya fara faɗa, da ko ƙiyasi ya yi, da ko ya haɗa da waɗanda aka bi aka kashe a jeji bayan faɗan. Ko ba ki kai ƙarshen sarƙar ba, ki gaya wa mai karatu inda kika tsaya. Malamin da ya ga kin rubuta "ƙiyasin da ya samo asali daga ɓangaren da ya yi nasara" ya san kin fahimci aikin.

Kada kuma ki ɗauka ina raina majiya ta biyu. Ɗalibai da yawa idan an tsawata musu kan wannan sai su juya baya ga littattafan masana gaba ɗaya, su tara tsofaffin takardu suna kwafa, jinga ta koma jerin "ya ce, ya ce" babu hujja. Majiya ta biyu tana yi miki aikin da fayil ba zai taɓa yi ba: tana nuna miki gardamar da ake yi. A kan Satiru akwai rubutu biyu da ba za ki tsallake ba. R. A. Adeleye ya wallafa maƙala a 1972 a mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Najeriya, inda ya kalli Satiru a matsayin turjiya ga mamayar Turawa ƙarƙashin tutar Mahadiyya, da kuma ramuwar gayyar da ta biyo baya. A 1990 Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka fitar da tasu a wata mujallar tarihin Afirka, suka faɗaɗa hoton. A ganinsu boren ya shafi masu sarauta kamar yadda ya shafi Turawa, talakawa da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu suna da babban kaso a ciki, kuma yana haɗe da tashe-tashen da aka yi a ɓangaren Faransa, a Kobkitanda da Karma, a ƙarshen 1905 da farkon 1906. Sun yi amfani da takardun Faransawa tare da na Ingilishi, abin da ɗalibar aji uku ba za ta iya zuwa ta nemo da kanta ba.

Ga inda jingarki take. Masana sun karanta takardu masu kama da juna, sun fito da fahimta daban. Aikinki shi ne ki shiga tsakaninsu da 'yar shaidar da kika gani da idonki, ki ce wannan takarda ta fi goyon bayan wane, ko ta nuna abin da dukkansu ba su tsaya a kai ba. Saboda haka tsarin aikin da nake ba ɗalibaina ya saɓa wa abin da suke zato: a fara da majiya ta biyu, a ƙare da ita, majiyar farko ta zauna a tsakiya. Ki karanta Adeleye da Lovejoy da Hogendorn tukuna, da biro a hannu, kina rubuta kowace lambar fayil da suka ambata a ƙasan shafi. Wannan jerin shi ne taswirarki. Wanda ya shiga ma'adana ba tare da shi ba zai ƙare mako yana buɗe fayilolin haraji.

Daga nan ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku ki tafi Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Titin Yakubu Gowon. A rubutun masana za ki ga ana taƙaita sunanta da NAK. Rukuni biyu ne suka shafe ki: SNP, wato takardun sakatariyar Arewa, inda saƙonnin da ke tsakanin larduna da hedikwata suke, da SOKPROF, takardun Lardin Sakkwato. Ki duba kundin jerin fayiloli, ki nemi taimakon ma'aikatan ɗakin karatu, domin sun san takardun nan fiye da yawancinmu. Gidan Arewa da ke Titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda yanzu cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, shi kuma can za ki nemi kundayen digiri da mujallu da rubuce-rubucen Larabci da ajami.

Idan fayil ya zo hannunki, kada ki yi gaggawar neman jimlar da za ki kwafa. Fayil ba takarda ɗaya ba ce, tari ne na takardu daga hannaye daban-daban a ranaku daban-daban. Ga kowace takarda ki rubuta abu biyar a littafinki kafin komai: wanda ya rubuta, wanda aka rubuta wa, kwanan wata, wurin da aka rubuta, da lambar fayil da shafi. Sannan ki ƙara tambaya ta shida a gefe, wadda ita ce zuciyar aikin: ta yaya ya san abin da yake faɗa? Ki kula da 'yan bayanan da jami'ai ke rubutawa da hannu a gefen takarda ko a bangon fayil. Sau da yawa a nan suke faɗin abin da ba za su sa a rahoton da za a buga ba. Ki kula kuma da bambancin saƙon da aka aika cikin firgici a makon farko da rahoton da aka tsara bayan wata uku. Na farkon yana iya kuskuren adadi, amma yana nuna abin da aka ji tsoro. Na biyun ya fi tsari, amma an riga an goge shi an shafa masa mai. Inda suka saɓa, nan ne sakin layinki mafi kyau zai fito.

Akwai wani abu da ke ɓuya a idon ɗalibai: fassara. Wasiƙun sarakuna a wancan lokaci da Larabci ake rubuta su. Idan kika tarar da wasiƙar Sarkin Musulmi da Ingilishi a cikin fayil, ki sani wani ya shiga tsakaninki da shi. Kalma ɗaya ta Larabci ko ta Hausa da aka mayar "ɗan tawaye" ko "annabin ƙarya" tana iya ɗauke da ma'anar da ta ɓace a hanya. Idan asalin yana liƙe a fayil ɗin kuma kina da Larabci, ki gwama su. Idan babu, ki faɗa a jingarki cewa fassarar jami'in mulkin mallaka kika karanta.

Wataƙila za ki ce, to ina muryar mutanen Satiru? Tambaya ce mai nauyi, kuma tana damuna duk lokacin da na koyar da wannan darasi. An kashe mazan, an kwashe mata da yara, an hana sake zama a wurin. Waɗanda suka rubuta yawancin takardun su ne waɗanda suka yi nasara. Abin da ya rage shi ne ruwayar baka a ƙauyukan da ke kewaye, da abin da za a iya tsamowa daga tsakanin layukan maƙiyansu. Idan kin samu zuwa Sakkwato kin yi hira da dattijo, ki tuna babu wanda yake raye yau da ya ga 1906. Abin da zai ba ki ruwaya ce daga uba ko kaka. Majiyar farko ce a kan yadda ake tuna Satiru a yankin, amma a kan abin da ya faru ranar faɗan sai kin tambaye shi daga wa ya ji, shi kuma wancan yana ina a lokacin, kuma danginsu suna wane ɓangare. Ki tambaye shi kuma cikin ladabi ko ya taɓa jin labarin a rediyo ko a makaranta, domin abin da aka buga a littafi yakan koma ƙauye ya dawo a matsayin gadon kaka.

Bari in nuna miki yadda wannan duka ke sauya jimla guda. A irin takardun da nake gani, ɗalibi yakan rubuta: "Mutanen Satiru 'yan tarzoma ne da sarakuna da jama'a suka ƙi, shi ya sa aka murƙushe su cikin sauƙi." Sai ya sa sunan Lugga da littattafai uku a ƙasa. A wannan jimla an haɗiye hukuncin gwamna an mayar da shi gaskiyar tarihi, an kuma ƙirga shaida ɗaya sau huɗu. Ga yadda zan so in gani: "A rahotonsa na shekara, Lugga, wanda bai halarci faɗan ba, ya nuna boren a matsayin aikin tsiraru, ya kuma jaddada biyayyar Sarkin Musulmi. Wannan ya dace da bukatarsa ta kare tsarin mulki ta hannun sarakuna. Lovejoy da Hogendorn sun karanta wannan biyayya ta wata fuska: a ganinsu masu sarauta sun tsaya da Turawa ne domin boren yana barazana gare su su ma." Daga nan sai ki kawo takardar da kika gani a fayil, ki faɗi abin da ta ƙara ko ta rage. Kin ga kowace magana tana da mai ita, kuma muryarki ta fito a wurin auna su.

Jinga mai shafi goma ba ta bukatar fayil ashirin. Rubutun masana biyu ko uku da kika karanta da kyau, da takardun asali uku ko huɗu da kika tantance ɗaya bayan ɗaya, sun isa, kuma sun fi dogon jerin manazarta da ba a buɗe rabinsa ba.

Abu na ƙarshe ya shafi amana, kuma a nan ne ake kama ɗalibai da yawa. Idan kika ga Adeleye ya ɗauko magana daga wani fayil, ke kuma ba ki riƙe fayil ɗin da hannunki ba, kada ki kwafi lambarsa ki sa a ƙasan shafinki kamar kin je. Ki rubuta sunan takardar, sannan ki ƙara "kamar yadda Adeleye ya kawo", da shekara da shafi. Ba abin kunya ba ne, kuma yana kare ki, domin marubucin yana iya yanke rabin jimlar, ko a samu kuskuren lamba wajen bugu, ke kuma ki gaji kuskuren. Malami mai duba takarda yana gane wannan cikin sauƙi: ɗalibin da ya ambaci takardun Landan ko na Faransa alhali bai bar Kaduna ba, ko wanda duk maganganun da ya ɗauko sun fara kuma sun ƙare daidai inda na wani littafi suka fara suka ƙare. A manazartarki ki raba kashi biyu, takardun asali da kika gani da kanki a sama, rubutun masana a ƙasa. Rahoton Lugga ya shiga kashin farko, amma a cikin jingar, duk inda kika yi amfani da shi a kan abin da bai gani ba, ki gaya wa mai karatu daga wa ya ji.

Ki gyara ki mayar wa malaminku, ki kuma tafi da jerin lambobin fayilolin da kika tsamo ki nuna masa kafin ki je ma'adana, zai iya gaya miki waɗanda za ki fara nema. Allah ya ba da sa'a.